Rasitin da aka ba ka bayan ka biya kuɗi

«Na biya kuɗin dakon kaya, suka ɓata a hanya. A bayan rasitin an rubuta wai ba ruwan kamfani da asara. Shi ke nan?»

A'a, ɗan'uwa, da sauran magana. Sharaɗin kauce wa alhaki yana ɗaure ka ne idan an sanar da kai kafin a ƙulla ciniki ko lokacin ƙulla shi. Kotun Ingila ta yanke haka a shari'ar Olley da Marlborough Court a 1949: sanarwar da ke cikin ɗakin otal ba ta yi aiki ba, domin an riga an gama ciniki a wurin karɓar baƙi.

Amma ka tuna ko ka sa hannu a wata takarda. Na ga yadda wannan ke kayar da mutane, domin sa hannu yana ɗaure mutum ko bai karanta ba, sai dai idan an yaudare shi game da abin da ke ciki.