Makirufo biyu da mawaƙa 24: a raba su ko a giciye su?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke ɗaukar sautin ƙungiyar mawaƙanmu, mutum 24 a layi uku, faɗinsu ya kai mita 6. Makirufo biyu kacal gare ni, irin sirara masu kama da fensir, ana iya sauya musu kai zuwa omni ko kadiyoyid, sai rikoda mai mashiga biyu. Na kafa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu da tazarar mita 4, amma da na saurara sai na ji tsakiya babu kowa, a waya kuma muryoyin sun zama kamar daga cikin bututu. Wani ya ce in giciye su a wuri guda. Wanne ya fi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Makirufonka lafiyarsu ƙalau, tazarar mita 4 ɗin nan ce ta jawo matsalolin biyu. Bari mu fara da dalili, don idan ka gane shi, kai da kanka za ka zaɓi abin da ya dace da zaurenku.

Mai sauraro da ke zaune gaban lasifika biyu yana gane inda murya take ta hanya biyu: ko dai ta fi ƙarfi a gefe ɗaya, ko kuma ta riga isowa ta gefe ɗaya. Rababben tsari, wanda ake kira AB, da bambancin lokaci yake aiki. Giciyayyen tsari kuwa, wato XY, da bambancin ƙarfi kaɗai yake aiki, domin kawunan makirufon biyu suna wuri guda, ɗaya bisa ɗaya, sauti yana isa gare su a tare. Injiniyan Birtaniya Alan Blumlein ne ya kafa tushen wannan tsari na biyu a takardar mallakar fasahar da ya shigar a 1931.

Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan ɗaya, wato santimita 34 a milisakan ɗaya, kashi ɗaya cikin dubu na sakan ke nan. Idan murya ta riga isa makirufon hagu da milisakan ɗaya da ɗan ɗoriya, kunne zai jefa ta gaba ɗaya cikin lasifikar hagu. A naka tsarin, in makirufon suna mita 3 daga layin gaba, duk mawaƙin da ya gusa daga tsakiya da santimita 35 kacal ya riga ya cika wannan bambanci. Ka ga ke nan mutum ɗaya ne a kowane layi ya rage a tsakiya, sauran duk sun dunƙule dama da hagu. Wannan shi ne ramin da ka ji.

Maganinsa a tsarin AB shi ne ka matso da su sosai. Sa musu kan omni, mai jin sauti ta kowace fuska, ka ɗora su a sanda ɗaya mai tsallake, tazara santimita 50, dukansu suna kallon gaba. Daga mita 3, mawaƙin da ke can ƙarshen layi yana kusurwar digiri 45 daga tsakiya. Muryarsa za ta riga isa makirufon da ke kusa da shi da santimita 35, wato milisakan ɗaya, saboda haka zai zauna daidai bakin lasifika, sauran kuma su jeru tsakaninsa da tsakiya kamar yadda suke tsaye. Mutane suna mamakin yadda tazarar kamu biyu ke ba da faɗi haka, amma lissafin ke nan. In ka ja baya zuwa mita 4, ƙungiyar za ta tsuke a idon makirufo, sai ka ƙara tazarar zuwa santimita 60 ko 70. Ban ba ka shawarar wuce mita ɗaya ba.

Abin da AB ke bayarwa yana da daɗi ƙwarai a zaure mai kyakkyawan amo. Omni yana riƙe kaurin muryoyin maza ko daga nesa, yana ɗauko amsa-kuwwar zauren ta kowane gefe, muryoyi su narke cikin juna, mai sauraro ya ji kamar sautin ya kewaye shi. Ga waƙar taro wannan narkewa ita ake nema. Sai dai omni ba ya zaɓe. Ƙugin fanka, tarin mai sauraro, ƙarar mota a waje, amon bangon siminti, duk zai kwaso su da gaskiya ɗaya.

Sautin bututun da ka ji a waya shi ne aibin AB na biyu. Wayoyi da yawa da lasifika ɗaya suke magana, sai su haɗa hagu da dama su zama mono. Idan aka haɗa sauti da kwafinsa da ya makara, wasu zangunan sautin sukan soke juna. Ga mawaƙin ƙarshen layin nan mai jinkirin milisakan ɗaya, ramin farko, wato zangon da aka soke, zai faɗa kusa da 500 Hz, ma'ana kaɗawa 500 a sakan, na gaba kusa da 1,500 Hz, sannan 2,500 Hz, haka dai a jere kamar haƙoran mataji, kuma nan ne tsakiyar muryar ɗan Adam. Da tazarar santimita 50 abin yakan zo da sauƙi, domin kowane mawaƙi da nasa jinkirin, ramukan ba sa faɗawa wuri guda, amon zaure kuma yana cike wasu. Amma yana nan, kuma kunne mai lura zai ji muryoyin gefe sun ɗan sirance.

A nan XY ke da rinjaye. Tunda babu bambancin lokaci, babu abin da zai soke wani idan an haɗa. Sa musu kan kadiyoyid, mai jin gaba yana ƙin baya, ka ɗora kan ɗaya daidai saman ɗayan ba tare da sun taɓa juna ba, kusurwar digiri 90 a tsakaninsu. Ka lura, wanda jikinsa ke dama hagu yake kallo, don haka shi ne zai shiga mashigar hagu. Mutane da yawa sukan juya wannan, sai mata su koma gefen maza a rikodin.

Abin da ba a cika faɗa wa masu farawa ba shi ne, XY a digiri 90 yana tsuke ƙungiya. Mu koma ga mawaƙinmu na ƙarshen layi. Makirufon hagu yana kallonsa kai tsaye, na dama kuma yana jin sa ta gefe, inda kadiyoyid ke rage ƙarfi da desibel 6, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. To, kafin murya ta koma lasifika ɗaya ɗungum, ana bukatar bambancin desibel 15 zuwa 18. Da desibel 6 ko rabin hanya da ƙyar zai kai. Sakamakon haka mutum 24 za su taru a tsakiya, kowa a tsaye daram a wurinsa, kalmomi suna fita sarai, amma babu wannan yalwar da ake so. Za ka iya buɗe kusurwar zuwa digiri 120, bambancin ya haura desibel 8, faɗin ya ƙaru. Farashinsa shi ne masu tsakiya yanzu suna digiri 60 daga hancin kowane makirufo, kuma makirufo mai araha yakan dusashe kaifin sautin da ke zuwa masa ta gefe. Idan ka ji harufa irin su "s" da "t" na masu tsakiya sun yi laushi fiye da na gefe, ka buɗe da yawa.

Kadiyoyid yana ba ka damar ja baya. Yana iya tsayawa kusan ninki 1.7 na nisan omni ya ba da gwargwadon amon ɗaki iri ɗaya, wato inda omni ke mita 2, shi ya wuce mita 3. Amma duk takun da ka yi baya a tsarin XY yana ƙara tsuke ƙungiyar, kuma kaurin muryoyin ƙasa yana raguwa.

Ra'ayina shi ne, zauren da inda za a saurara su za su yanke maka hukunci. Tsaya a inda za ka kafa sanda, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan amon ya baje a hankali ya ɓace lami lafiya, kuma wurin shiru ne, ɗauki AB da omni. Idan ka ji tafin yana dawowa da kakkaɓi tsakanin bango biyu, ko akwai hayaniya a bayanka, ko ka san kusan kowa a lasifikar waya zai ji, XY a digiri 110 zuwa 120 ya fi maka aminci. Akwai kuma tsaka-tsaki da nake yawan komawa gare shi a irin wannan aiki: tsarin ORTF, wanda gidan rediyo da talabijin na Faransa ya fito da shi wajajen 1960. Kadiyoyid biyu ne, kawunansu santimita 17 tsakani, suna kallon waje da kusurwar digiri 110. Yana ɗaukar fili na kusan digiri 96, wanda ya yi daidai da ƙungiyarka daga mita 3, jinkirinsa kuma ko a mafi yawa ba ya wuce rabin milisakan, don haka ba ya lalacewa sosai a mono.

Ko wanne ka zaɓa, tsayin sanda zai iya gyara ko ɓata shi. Idan makirufo yana daidai bakin layin gaba, su za su danne kowa, domin duk ninka nisa yana rage ƙarfi da desibel 6, ga kuma jikinsu yana tare muryar na baya. Ɗaga shi mita 2.5 zuwa 3, ka sunkuyar da hancinsa ya nufi layin baya. In akwai matakala, a ɗora layukan baya a kai. Idan murya ɗaya ta yi fice a rikodin, mayar da mai ita layin baya ko ka ja sandar baya da rabin mita.

A rikoda, kunna `48V`, wato wutar da irin waɗannan makirufo ke bukata, ka zaɓi `24-bit` da `48 kHz`, ka kashe `AGC`, mai daidaita ƙarfin sauti da kansa, domin yana ɗaga shiru ya danne ƙarfi, ya kashe hawa da saukar waƙa. Sa mashigan biyu a `Gain` iri ɗaya, wato ƙarfin shigar sauti, ka ce su rera baitin da ya fi ƙarfi, ka daidaita har ƙololuwa ta tsaya wajen `-12 dB`. A manhajar gyara, tura `Pan`, maɓallin kai sauti hagu ko dama, na ɗaya ƙarshen hagu, na ɗayan ƙarshen dama.

Kafin ranar ɗauka, yi gwaji a lokacin atisaye. Ka sa mutum ɗaya ya taka daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan yana ƙirga da murya ɗaya, ka ɗauka da kowane tsari. Idan muryarsa ta yi tsalle daga hagu zuwa dama ba ta ratsa tsakiya ba, rage tazara. Idan da ƙyar ta motsa, buɗe kusurwa ko ka matso. Gwada wannan da lasifika biyu, domin abin saurare na kunne yana ɓoye ramin tsakiya yana kuma ƙawata AB. Daga nan ka ɗauki baiti ɗaya da dukan ƙungiyar, ka danna `Mono`, ka tura wa wayarka ka ji. Idan muryoyin gefe suka sirance har abin ya dame ka, sauko da tazarar AB zuwa santimita 40 ka ɗan matso da sandar, ko ka koma ORTF.