Hukuncin Ware Kuɗi Duk Wata Domin Inshorar Mota, Kayan Makaranta da Kayan Sallah

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne, ina so in riƙa ware wani abu daga albashina saboda inshorar mota naira 15,000, kayan makarantar yara naira 45,000, da kayan Ƙaramar Sallah naira 120,000. Wani ya ce mini wannan rashin tawakkali ne. Ya halatta? Akwai zakka a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ya halatta, ɗan'uwa, kuma bai ci karo da tawakkali ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Umar (RA) cewa Annabi (SAW) yana ware wa iyalansa abincin shekara daga dukiyar Banu Nadir, alhali shi ne shugaban masu tawakkali. Abin da aka zarga shi ne tara dukiya a hana haƙƙinta. Saboda haka kada ka rage cefanen yau ko kuɗin magani don atamfar baɗi, domin ciyarwa wajibi ce, sabon ɗinki kuwa mustahabbi ne.

Jimillarka naira 180,000 ce, wato 15,000 a wata idan an raba gida 12. Amma a nan mutane ke tuntuɓe, don ba rana ɗaya buƙatun ke zuwa ba. Idan saura wata 6 Sallah, kayanta kaɗai suna neman 20,000 duk wata a wannan zagayen, sai daga baya su dawo 10,000. Kuma Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ga tela yana son yadi tun Sha'aban, kafin ya rufe karɓar ɗinki. To, ka ƙirga zuwa ranar sayen kaya. Da kuɗin shadda sun cika, saye ka ajiye, ya fi ka bar tsada ta cinye su.

Ka ajiye su a bankin Musulunci ko asusun da ba ya ba da ruwa. Idan ruwa ya shigo, fitar da shi ga mabuƙata, kada ka haɗa da kuɗin kayan yara. Adashi ma ya halatta a wurin mafi yawan malamai, matuƙar kowa zai kwashi daidai abin da ya zuba.

Inshorar kasuwanci jumhurin malaman zamani sun haramta ta saboda garari, wato rashin tabbas a ciniki, da riba, sun halatta takaful, wato inshorar Musulunci ta taimakon juna. Ka nemi takaful. In babu shi a kusa, ka tsaya ga wadda doka ta tilasta wa mai mota, ba laifi a kanka.

Zakka kuwa, niyyar kashe kuɗi ba ta sauke ta. Ka haɗa ajiyar da sauran kuɗinka. Idan suka kai nisabi, ƙimar giram 85 na zinare, shekarar Musulunci ta zagayo a kansu, ka fitar da ɗaya cikin 40. Naira 180,000 ɗin nan ita kaɗai ba ta kai nisabi ba.

Allah ne mafi sani.