Jan layin kwamfuta ba ya duba shekaru

"Maigida, mutumin da na buga wa si-bi, takardar tarihin karatu da aiki ta neman aiki, shekaranjiya ya dawo yau ransa a ɓace, wai wani ɗan'uwansa ya duba ya ce cike take da kurakurai. Ni kuwa na bi duk inda kwamfuta ta ja jan layi na gyara. To me ya kamata in duba kafin takarda ta bar shago?"

Na ga takardar, ɗana, ya bar ta a kan tebur na karanta ta da daddare. Haruffa ba su ne babbar matsalarta ba. Shekarun ne, kuma daga nan nake so ka riƙa farawa kullum.

Ka ga kwanan haihuwar da ka rubuta masa, 1994. Sai ka sauka ƙasa wajen makarantu, ka sa firamare daga 1995 zuwa 2001. Wato yana goye a bayan uwarsa yana aji ɗaya. Na san inda wannan ya fito. Ka buɗe tsohuwar si-bin wani da ke cikin kwamfutar shago, ka goge sunansa ka sa na wannan, layin firamare kuwa ka canja sunan makaranta ka manta da shekara. Kowa a wannan sana'a yana aiki a kan tsohon fayil, ni ma haka nake yi, ba laifi ba ne. Amma duk wanda ya yi haka sai ya ɗauka cewa akwai ragowar mai tsohuwar takarda a maƙale a wani lungu, ya neme shi. Wuraren da yake ɓuya sanannu ne: ƙaramar hukuma, jinsi, matsayin aure, lambar waya, da sunayen masu tsaya wa mutum a ƙarshen takarda. Shekarun baya ni kaina na taɓa miƙa wa wata baiwar Allah si-bi an rubuta mata `Sex: Male`, ta kai har wajen neman aikin kafin ta lura. Ban manta irin kallon da ta yi mini da ta dawo ba.

To ga yadda nake bi da shekaru. Ba na karɓar su daga bakin mai takarda. Ba don yana ƙarya ba, a'a, mutum yana tuna shekarar da ya ajiye biro a jarrabawar ƙarshe, takardar shaidarsa kuwa wata shekarar take ɗauke da ita. Wanda yajin aikin malaman jami'a na 2020 ko na 2022 ya rutsa da shi zai gaya maka yadda lissafi ke rikicewa. Sai ka ce ya kawo takardunsa ko hotonsu a waya, ka jera su a gabanka daga ta farko zuwa ta ƙarshe, ka rubuta shekarun kawai a gefen wata takarda, ɗaya ƙarƙashin ɗaya kamar lissafin bashi. Firamare shekara 6 ce, sakandare 6, ƙaramar difloma 2, yawanci a yi shekara ɗaya ta koyon aiki, sannan babbar difloma 2, hidimar ƙasa shekara ɗaya. Idan wani mataki ya gajarce ko ya hau kan wani, ka tsaya ka tambaya.

Mu bi ta wannan mutumin. Ya gama sakandare a 2012, saboda haka firamarensa 2000 zuwa 2006 ce, sakandare 2006 zuwa 2012. Ƙaramar difloma 2013 zuwa 2015, babba 2016 zuwa 2018, nan komai ya zauna. Hidimar ƙasa ka rubuta 2018 zuwa 2019 kamar yadda ya faɗa maka, alhali takardar sallamarsa ta nuna ya fara a 2019 ya gama a 2020. Ranar farawa da ranar gamawa duka suna jikin takardar, kwafa kawai za ka yi. Daga nan sai wata ta ɓullo: a wajen ayyuka ya ce shi ma'aikacin sashen kuɗi ne a wani kamfani tun 2019. Da zarar ka gyara shekarar hidima, wannan aiki ya faɗa cikinta. Na kira shi na tambaya, ashe a kamfanin ya yi hidimar, da ya gama suka riƙe shi. Babu ƙarya a maganarsa, amma mai ɗaukar aiki da ke da takardu ɗari a gabansa ba zai kira shi ya tambaya ba, gefe zai tura ta. Gyaran shi ne a raba layin biyu, ɗaya na hidimar ƙasa 2019 zuwa 2020, ɗaya na cikakken ma'aikaci daga 2020 zuwa yau.

Sannan ka bar masa `Till Date`, wato har zuwa yau, a wuri biyu, a kamfanin da kuma a makarantar kuɗin da ya koyar kafin ya tafi hidima. Ya bar koyarwa tun 2019. Duk lokacin da ka ga wannan kalma sau biyu a takarda ɗaya, ka tambayi mai ita ko da gaske ayyuka biyu yake yi.

Yadda ake rubuta kwanan ma ya zama iri ɗaya daga sama har ƙasa. A taka akwai `Jan. 2020` a wani layi, `03/04/2019` a wani, shekara tsura a na uku. Wannan na tsakiya ma ka rabu da shi gaba ɗaya, domin mu a nan 3 ga Afrilu muke karanta shi, Ba'amurke kuwa 4 ga Maris zai gani. Makarantu shekara kawai ta isa, ayyuka kuwa wata da shekara, a rubuta sunan watan da haruffa.

Sai da shekaru suka zauna nake shiga Turancin, kuma akwai dalili. Ba za ka san irin kalmar aikin da za ka sa ba sai ka san ko mutum yana wurin har yanzu ko ya bari. Aikin da ya bari, kalmomin da ke buɗe layukansa su zo da siffar abin da ya wuce. Wanda yake kai yanzu, su zo da siffar yanzu. Dubi abin da ka buga a ƙarƙashin koyarwar da ya bari:

```
Teach Mathematics in JSS 1-3
Prepared lesson notes
Marking of examination scripts
```

Layi uku, kowanne da nasa hali. Tunda ya bar wurin, sai su koma `Taught`, `Prepared`, `Marked`. Dabarar da nake yi ita ce in sa rula a tsaye in rufe komai sai kalmar farko ta kowane layi, in karanta su daga sama zuwa ƙasa. Wadda ta fita daban nan take za ta yi tsalle ta shigo ido. Ka yi hattara da `Lead`. Idan aikin ya wuce `Led` ake rubutawa, kuma kwamfuta ba za ta ce maka uffan ba, don dukansu kalmomi ne na gaske.

Wannan ya kawo mu kan jan layin da ka dogara da shi. Abin da ya sani kawai shi ne ko kalma tana cikin ƙamus ɗinsa, bai san ko ita kake nufi ba. A takardar nan ka rubuta `Martial Status` maimakon `Marital Status`, ka mayar da aure yaƙi. Mai tsaya masa na biyu shugaban makaranta ne, ka sa `Principle` maimakon `Principal`. `Manger` da `Manager`, `Costumer` da `Customer`, duk haka suke wucewa salun-alun. Ni na haddace waɗannan, kafin in rufe fayil nakan danna `Ctrl+F` in neme su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani abu kuma da yawancin yara ba su sani ba. Yadda `Word` yake zuwa, ba ya duba kalmar da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla. Shi ya sa `CURRICULUM VITEA` take zaune a saman takardarka, ƙatuwa, babu layi ko ɗaya a ƙarƙashinta, alhali `VITAE` ne daidai. Ka shiga `File`, sai `Options`, sai `Proofing`, ka cire alamar da ke gaban `Ignore words in UPPERCASE`. Ka yi wa duka kwamfutocin shago yau ɗin nan. Illarsa ɗaya, zai fara ja wa gajerun sunayen hukumomi layi, to wannan ka kau da kai.

Sunayenmu kuwa yawancinsu ja yake musu, daidai ko ba daidai ba, har ido ya saba ya daina kallo. Nan sai ka ɗauki katin ɗan ƙasa da takardun makaranta ka bi harafi-harafi. Muhammad, Mohammed da Muhammed a kunne suna ɗaya ne, a takarda sunaye uku ne. Abin da ke jikin takardun shaida shi za ka bi, ko da mai sunan ya fi son wani. In takardun da kansu sun saɓa wa juna, ka nuna masa, wannan maganar takardar rantsuwa ce a kotu, ba aikin mai buga rubutu ba ce. Lambar waya ka ƙirga, 11 ce. In an fara da `+234` sifilin farko ya fita. Mafi sauƙi ma, ka kira lambar yana tsaye, ka ji ta yi ƙara a aljihunsa.

Tsarin shafi ba zan daɗe a kansa ba. Danna `Ctrl+Shift+8` ka ga abin da ke ɓoye. Za ka tarar da jerin ɗigo-ɗigo inda ka yi ta dukan dogon maɓalli don tura shekaru zuwa dama. A kwamfutarka sun yi layi, a ta wani za su watse kamar an kori kaji. `Tab` ake amfani da shi ko tebur marar layi. Sakin layin da ka kwafo daga saƙon da ya turo maka ta waya ya shigo da nasa salon rubutu, shi ya sa tsakiyar shafin ya bambanta da sauran. Ka duba girman takarda yana kan `A4`, ba `Letter` ba. Kuma kan maganar `REFEREES` ya tsaya shi kaɗai a gindin shafi na farko, sunayen suna shafi na biyu, ka tura shi ya bi 'yan'uwansa.

Bayan duk wannan, ka fitar da kwafi ɗaya a takarda. Na san kana jin tsoron in ce ka ɓarnatar da tawada, to wannan na yafe. Ka ajiye ta ka sallami wani kwastoman, sannan ka dawo da jan biro ka karanta daga layin ƙarshe ka yi sama, kana furta kowace kalma a hankali. Idon wanda ya buga rubutu abin da ya yi niyya yake gani, sai an juya masa hanya yake ganin abin da ke wurin. Sannan ka miƙa wa mai ita ya karanta a gabanka. In ta intanet zai tura, ka mayar da ita `PDF`, ka sa wa fayil ɗin sunansa, kada ka bar shi `Document1`, ka tura masa ya buɗe a wayarsa kana kallo.

Mutumin zai dawo gobe bayan azahar. Na yi wa takardar alama da ja a wuri goma sha ɗaya, amma da gangan na bar guda biyu ban taɓa ba, suna shafi na biyu. Ka nemo su kafin ya iso, kuma kada ka karɓi kuɗin gyara a hannunsa.