Samuna ya ragu, yaya zan rubuta wa banki su sassauta min biyan bashi?

Assalamu alaikum. Ina sana'ar albasa a kasuwar Mile 12. Na ci bashin banki, saura naira 1,200,000 da zan biya cikin wata 12, ruwa kashi 30 cikin ɗari a shekara, ana cire min kusan 117,000 duk wata. Da ina samun ribar 400,000 a wata, yanzu da kyar nake haɗa 220,000, domin gidajen abinci biyu da nake kai wa kaya sun daina saye, kuɗin mota daga Arewa kuma ya hau. Wata ɗaya ya riga ya wuce ni ban biya ba. Abokai sun ce in yi shiru, wasu sun ce in koma gida har ƙura ta lafa. Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya buɗa kasuwa, Ya yaye maka wannan nauyi.

Ka rubuta wasiƙar a cikin makon nan, kada ka jira wata na biyu. Dalili shi ne, a ƙa'idar Babban Bankin Najeriya, bashin da ya kai kwana 90 ba a biya ba ana sa shi a layin bashin da ya lalace. Kafin nan, maganarka tana hannun jami'in da ke kula da asusunka a reshe, wanda shi ma ba ya son a ce bashin da ya bayar ya mutu. Bayan nan kuwa fayil ɗinka yakan koma sashen ƙwato bashi, su kuma aikinsu karɓa ne, ba sauraro ba. A tsakani kuma tarar jinkiri tana hawa, wadda ƙa'ida ta yarda ta kai kashi 1 cikin ɗari a wata a kan abin da ba ka biya ba, ban da ruwan da ke gudana.

Shawarar komawa gida ba ta da amfani ko kaɗan. Tun watan Agustan 2020 akwai tsarin GSI: idan ka sa hannu a kansa lokacin karɓar bashin, bankin zai iya bin lambar BVN ɗinka ya kwashe kuɗi daga asusunka na kowane banki, ko kana Agege ko kana Aliero. Sunanka kuma zai shiga rumbun masu tattara tarihin bashi irin su CRC. Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ya tsaya maka. In ka ɓace, shi za a nema, kuma a kasuwa irin Mile 12 mutum da sunansa yake ɗaukar kaya. Ka je ka same shi ka gaya masa halin da kake ciki kafin banki ya kira shi.

Yanzu ita wasiƙar. Kuskuren da mutanenmu suka fi yi shi ne su cika shafi biyu da roƙo, su ce a tausaya musu, amma ba su faɗi nawa za su iya biya ba. Jami'in da ya karɓa ba shi ne mai yanke hukunci ba, kwamitin bashi zai kai wa, kwamiti kuma lamba yake dubawa. Don haka kafin ka ɗauki biro, ka fitar da lambar.

Ga lissafin bashinka. Idan aka shimfiɗa ragowar zuwa wata 18 a kan ruwan da kake biya yanzu, za ka riƙa ba da kusan 84,000 a wata. Idan wata 24 ne, kusan 67,000. Amma sauƙin yana da farashi: a tsarin wata 12 ruwan da ya rage maka kusan 204,000 ne, a wata 24 kuwa zai kai kusan 410,000. Ba rage maka bashi za a yi ba, lokaci kake saye.

To wanne za ka nema? A ce ci da haya da zirga-zirga a Legas suna cin 80,000, kana aika 50,000 gida. Saura 90,000. A takarda 84,000 zai shiga, amma kai ka fi ni sanin albasa: akwai watan da buhu ke ruɓewa a hanya, akwai watan da kasuwa ke cika kaya ya faɗi. Wata ɗaya irin wannan ya isa ya karya sabon alkawarin, kuma wanda ya karya alkawari na biyu da wuya a sake zama da shi. Ni wata 24 zan nema, tare da sharaɗin cewa in kasuwa ta gyaru zan iya biyan ragowar da wuri ba tare da tara ba. Kuɗin gida kuwa kada ka ɓoye shi a lissafin, kuma ka kira su ka gaya musu gaskiya cewa na ɗan lokaci abin zai ragu. Ya fi a ce ka ci wani bashin a manhajar waya don kada a ga gazawarka.

Wasiƙar shafi ɗaya ce, da Turanci, zuwa ga manajan reshen da ka karɓi bashin. In za ka ba wani ya buga maka, ka zauna kusa da shi, ya karanta maka ya fassara kafin ka sa hannu. A sama a sa kwanan wata, sunanka yadda yake a asusu, lambar asusu da lambar waya. Abin da cikinta zai ce bai wuce wannan ba:

"Na karɓi bashi a reshenku ranar kaza, ragowar 1,200,000 ce, kuma na biya kowane wata a kan lokaci har zuwa watan kaza. Samuna ya sauka daga 400,000 zuwa 220,000 a wata saboda manyan masu saye biyu sun daina karɓar kaya. Ina roƙon a tsawaita wa'adin zuwa wata 24, in riƙa biyan 67,000 daga ranar kaza, a haɗa watan da ya wuce a cikin sabon jadawalin, a kuma yafe tarar jinkiri. Na biya 67,000 yau, ga shaidar a haɗe."

Jimlar ƙarshen nan ta fi duk sauran nauyi. Wanda ya zo da roƙo da kuɗi a hannu ba a kallonsa kamar wanda ya zo da roƙo kaɗai.

Sai hujja. Ka haɗa bayanin shige da ficen asusunka na wata shida, domin a ga inda kuɗin gidajen abincin ya tsaya. Nan ne 'yan kasuwarmu ke samun matsala, don yawancin ciniki da tsabar kuɗi ake yinsa, asusu ba ya nuna komai. In haka ne, ka kwafi shafukan littafin cinikinka, da takardun dakon mota na da da na yanzu, da wasiƙa daga shugabannin ƙungiyarku ta kasuwa. Daga yau kuma ka riƙa zuba cinikin rana a asusun.

Ka kai kwafi biyu da kanka, a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya, ka riƙe. Maganar baki ta "kada ka damu, za mu duba" ba ta dakatar da komai: har sai an ba ka sabuwar takardar yarjejeniya ka sa hannu, tsohon jadawalin ne ke aiki. Idan ta zo, ka duba ko sun ƙara ruwa, ka duba jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, da kuɗin sake tsarin, wanda bai kamata ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ragowar ba, wato 6,000 a naka. In sun ba ka hutun wata uku, ka tambaya ko ruwa yana tafiya a lokacin. A naka 30,000 ne duk wata, ko ka biya shi ko a ɗora shi a kan uwar kuɗin.

Banki yana da ikon ya ƙi, ba dole ba ne a kansa ya sake tsarin. In sun ƙi wata 24, ka nemi 18 da hutun wata biyu. Amma in sun cire maka kuɗin da ba ya cikin yarjejeniya, ka shigar da ƙorafi a rubuce ka karɓi lambarsa. Idan kwana 30 suka wuce ba a warware ba, ka kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, da kwafin nan mai hatimi a hannunka.