Shayin Babunaj: Wa Zai Sha, Wa Zai Kiyaye Shi

Likita, cikina yana kumburi bayan tuwon dare, kuma barci yana yi mini wuya. An ce in sha babunaj. Yaya ake haɗa shi? Daga wata uwargida a Gwale.

Hajiya, ki zuba busasshen furen kamar cokali ɗaya na cin abinci, wato giram 2 zuwa 3, a kofi guda na tafasasshen ruwa, ki rufe shi na minti 5 zuwa 10 kafin ki tace. Rufewar tana da dalili, domin man da ke sassauta murɗawar hanji yana bin tururi ya fice idan an bar kofin a buɗe. Babu sinadarin kafeyin a cikinsa kamar yadda yake a baƙin shayi, saboda haka ba ya hana barci, amma natsuwar da yake kawowa kaɗan ce. Idan kuwa kina ramewa, ko kina amai, ko bayan gidanki ya yi baƙi, ki je asibiti, domin babunaj ba ya warkar da gyambon ciki.

Lokacin da nake karatu a Amurka an gwada ni, aka ce jikina ba ya jituwa da ciyawar ragwid. Yanzu na dawo Kano, zan iya sha? Daga wani magidanci a Tarauni.

Malam, shawarata ita ce kada ka sha. Babunaj da ragwid dangi ɗaya ne a tsirrai, dangin da tazargade ma take ciki, kuma sinadaran ƙurar furensu suna kama da juna har garkuwar jikinka tana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan. Dawowarka gida ba ta sa jikinka ya manta ba. Alamun sukan bayyana cikin mintuna: ƙaiƙayin baki da maƙogwaro, atishawa, borin jini, wani lokaci kumburin leɓe. Idan harshe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, sai a garzaya sashen gaggawa, domin allurar adirenalin ake buƙata, ƙwayar maganin ƙaiƙayi ba za ta isa ba. Ka riƙa tambayar abin da ke cikin haɗe-haɗen ganyen shayi kafin ka saya, domin sau da yawa ana cakuɗa shi a ciki. Kada kuma a wanke ido da ruwansa, yana iya jawo ja da kumburi.

Mahaifiyata tana shan wafarin, maganin tsinka jini, matata kuma tana da juna biyu. Su fa? Daga Fagge.

Gara mahaifiyarka ta haƙura da shi, domin yana iya ƙara ƙarfin wafarin har jini ya tsinke fiye da kima. Zubar jinin dasashi da tabon tararren jini a fata su ne alamun farko. Mai juna biyu ma ta bari sai ta haihu, kuma jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ake ba shi.