Hukuncin kayan da aka bayar bashi ba tare da rubutu ba

Tambaya: Malam, ina sana'ar shinkafa a kasuwar Jega, kuma na saba ba masu sayar da abinci kaya bashi bisa yarda, ban taɓa rubutawa ba. Bana buhu 14 suka maƙale a hannun mutane, har jarina ya kusa karyewa. Wata da na ba buhu 3 ta ce 2 ta sani, wata kuma tana son ta biya naira 60,000, farashin ranar da ta ɗauka, alhali yanzu buhu ya kai 75,000. Mene ne hakkina?

Amsa: Malama, Allah ya mayar miki da alheri. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a rubuta bashin da aka yanka wa lokaci, a kuma kafa shaidu. Mafi yawan malamai sun ɗauki umarnin a matsayin mustahabbi, saboda ayar da ke biye ta ba da dama idan an amince da juna. Don haka ba ki yi zunubi ba, kuma bashinki bai faɗi ba, hujjarki ce ta yi rauni.

Game da buhu na uku, ƙa'idar shari'a ita ce mai da'awa shi ke kawo shaida, wanda ya musa kuma ya rantse. Sai dai a mazhabar Malikiyya ana yanke hukuncin dukiya da shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa, saboda haka idan akwai mutumin kirki da ya ga an ɗora buhunan, ki kai shi gaban alƙali. Idan babu, ita za ta rantse, buhu 2 kawai za a hukunta miki, ko da yake rantsuwar ƙarya ba ta halatta mata abin da ta ci.

Mas'ala ta biyu ta dogara ga abin da kuka ƙulla tun farko. Idan sayar mata kika yi a kan 60,000, to wannan kuɗin ne a wuyanta, kuma ƙara mata wani abu saboda jinkiri riba ce ta haram, ko da kasuwa ta tashi. Idan kuwa rancen buhu kika ba ta, buhu irinsa za ta mayar, komai tsadarsa. Ina ganin naki ciniki ne, tunda kuɗi kuka ambata.

Abin da mutane ke yawan mantawa shi ne ayar ta ce wanda ake bi shi zai yi shifta, domin rubutun ya zama iƙirarinsa. Littafin da kika cika ke kaɗai ba ya zama hujja a kan wanda ya musa. Saboda haka ki bi sauran tun ba su musa ba, a rubuta yawan buhu, farashi da ranar biya, kowace ta sa hannu ko ta dangwala yatsa a gaban shaidu biyu. Wadda ke cikin ƙunci na gaske ki jinkirta mata, kamar yadda aya ta 280 ta umarta, amma shi ma sabon wa'adin a rubuta shi.

Allah ne mafi sani.