Amsar Tambayar Malam Kabiru Kan Kuɗin da Bai Fita Ba

"Don Allah 'yan uwa, na sa banki ya riƙa tura naira 45,000 zuwa asusun ƙungiyarmu duk ranar 25 ga wata, amma wannan watan ma'aji ya ce bai ga komai ba. Me ya faru?"

Assalamu alaikum. Malam Kabiru, kafin ka je banki ka buɗe manhajarka ka duba bayanin shige da fice na ranar 25, domin a nan za ka gane matsalar. Idan ba a cire komai ba, ko ka ga saƙon Insufficient Funds, to kuɗin ne bai kai ba. Idan kuwa an cire sannan aka dawo da shi, mai yiwuwa lambar asusun ƙungiyar ko sunan bankinta ne aka shigar ba daidai ba.

Na fi zargin na farkon, domin mu ma'aikata a nan Abuja mun san albashi ba kullum yake shigowa kafin 25 ba. Kuma ko da akwai naira 45,000 cif a asusun, umarnin da ka ba banki zai iya faɗuwa, saboda tura wannan adadin zuwa wani banki yana da caji da haraji a kansa, ga kuma kuɗin alat da ake cirewa. Na'urar ba ta tura rabi. In an rasa ko naira ɗaya, gaba ɗaya take fasawa. Abin da take dubawa shi ne Available Balance, ba jimillar da ta haɗa da kuɗin da aka riƙe ba.

Shawarata ita ce ka tura kuɗin wannan watan da hannunka yau, amma ka fara tambayar banki ko za su sake gwadawa, don kada a cire sau biyu. Sannan ka mayar da ranar zuwa 2 ko 3 ga sabon wata, ka kuma bar ƙarin naira dubu ɗaya tun daren jajibiri.

Idan lamba ce, ka karɓi lambobi goman daga ma'aji a rubuce, ka gwada tura naira 100 ka ga sunan da zai fito, sannan ka soke tsohon umarnin ka kafa sabo.

Ga masu biyan bashi kuwa, inda mai ba da bashin ne ke jawo kuɗin da kansa, lamarin ya fi nauyi, domin akwai tara idan asusu babu kuɗi, kuma tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar bin lambar BVN su cire bashin da ya wuce wa'adi daga sauran asusunanka. Wanda ya ga albashinsa zai makara, ya kira su kafin ranar ta zo.